Allon Kai-tsaye ko Rahoton Imel: Wanne Ya Dace da Ƙaramar Sana'a?

Duk mai asusun banki ya saba da hanyoyi uku na sanin halin da kuɗinsa ke ciki. Akwai manhajar banki a waya, wadda duk lokacin da ya buɗe zai ga abin da ya rage masa a wannan minti. Akwai takardar bayanin asusu da ake turowa a ƙarshen wata, an jera shige da fice an rufe lissafi. Akwai kuma alat, wanda ba ya zuwa sai wani abu ya faru. Mai ƙaramar sana'a da ya fara ajiye lissafin cinikinsa a kwamfuta zai tarar da waɗannan hanyoyi uku suna jiransa, sai dai yawancin masu tallata masa manhaja ta farko kaɗai suke nuna masa, domin ita ce mai ƙyalli.

Ta farkon ita ce dashbod, wato allo guda da ke tattara alƙaluman sana'a, cinikin yau da kayan da suka rage da bashin da ake bi, ya zana su, yana sabunta kansa. Mutum ne ke zuwa wurinsa ya buɗe. Ta biyun rahoto ne da aka tsara wa lokaci: kowace asuba, ko kowace Litinin, manhaja ta ɗauki hoton lissafin ta aika wa waɗanda aka zaɓa ta imel. Shi ne ke zuwa wurin mutum, kuma da zarar ya iso ba ya sake canzawa.

Kuɗi ba su ne ke raba gardamar ba, don manhajoji da dama suna yin duka biyun. Looker Studio na kamfanin Google, wanda aka fara sani da Data Studio kafin a sauya masa suna a 2022, kyauta ne, yana zana allo daga Google Sheets, yana kuma iya aika wannan allon a matsayin PDF a lokacin da aka tsara. Power BI na Microsoft yana yin haka, amma raba allo da ma'aikata yana bukatar biyan kuɗin wata. Metabase kyauta ne ga wanda zai ɗora shi a kan sabarsa ya kuma kula da shi. Abin da ke raba gardamar tambayoyi ne biyu da suka shafi sana'ar kanta: yaushe bayanin gaskiya ke shiga lissafi, kuma yaushe mai sana'a ke iya yin wani abu a kansa?

Gidan burodi da cinikin da bai tabbata ba

A ɗauki misalin gidan burodi matsakaici, irin waɗanda ke cike unguwannin Kano da Kaduna da Maraɗi. Alƙaluman da za su biyo na misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce gidan yana kwaɓa buhu 20 na fulawa kowane dare, kowane buhu mai kilo 50 yana ba da burodi 100, wato burodi 2,000 ke nan. Ana ajiye 200 a kanta, sauran 1,800 kuma masu babur 12 ne ke ɗiba tun da sassafe su rarraba wa masu shayi da shaguna, kowane ɗaya a kan naira 900.

Mai gidan ya sa an gina masa allo. Akawu yana shigar da abin da kowane mai babur ya ɗiba ta Google Forms, bayanin yana faɗawa Google Sheets, Looker Studio yana zanawa. Da ƙarfe goma na safe maigida ya duba wayarsa ya ga ciniki ya kai naira 1,620,000. Allon bai yi ƙarya ba, domin 1,800 sau 900 haka yake bayarwa. Amma abin da ya nuna kayan da suka fita ne, ba kayan da aka sayar ba. Masu babur ba sa dawowa sai daga la'asar zuwa bayan isha'i, kuma a lokacin ne ake sanin nawa ne kwantai. Idan burodi 150 ya dawo, cinikin gaskiya 1,650 ne, wato naira 1,485,000. A cikin wannan ma wataƙila naira 1,300,000 ce ta shigo hannu ko asusu, sauran 185,000 bashi ne a wurin masu shayi sai gobe ko jibi.

Ke nan daga safe har dare, awa goma ko fiye, allon yana nuna adadin da ya zarce gaskiya da naira 135,000, ya kuma zarce kuɗin da ke hannu da naira 320,000. Maigidan da ya duba da rana ya ji daɗi zai iya kiran dillalin fulawa ya ƙara oda, ko ya ce a ƙara buhu biyu a kwaɓin dare, alhali kwantan da ke hanyar dawowa ya kai buhu ɗaya da rabi.

Sannan a duba ɗaya ɓangaren. Ko da allon ya san gaskiya tun da rana, me maigida zai yi da ita? Burodi ya riga ya fita, tanda ta huce. Shawara ɗaya ce babba a wannan sana'a kowace rana: buhu nawa za a kwaɓa yau da dare, kuma nawa za a ba kowane mai babur gobe. Ana yanke ta sau ɗaya, wajen ƙarfe goma na dare. Bayanin da ake bukata don yanke ta yana kammala wajen takwas da rabi. Rahoto guda da zai iso ƙarfe tara ya wadatar, kuma ya fi allon amfani, domin ba ya ba maigida damar ganin rabin labari.

Abin da ya kamata ya kasance a cikin wannan rahoto bai fi shafi ɗaya ba. A sama, jimillar abin da ya fita, abin da ya dawo, da kason kwantai, wanda a misalin nan ya ɗan haura kashi 8 cikin ɗari. A ƙasa, layi ɗaya ga kowane mai babur: nawa ya ɗiba, nawa ya dawo da shi, nawa ya biya, nawa ake binsa. A nan ake gane cewa a cikin kwantai 150 ɗin, 90 daga mutum biyu suka fito, kuma maganin ba rage kwaɓi gaba ɗaya ba ne, rage wa mutum biyun nan kaso ne a ƙara wa wanda kayansa ke ƙarewa tun kafin azahar. Sai kuma layi na ƙarshe da ke kwatanta yau da rana irinta ta makon jiya, Juma'a da Juma'a, Lahadi da Lahadi. Kwatanta Juma'a da Alhamis ɓata lokaci ne, don kowace rana da irin cinikinta, balle watan azumi da ke juya komai.

Ina ake samun jinkirin?

Masu sana'a da yawa suna ɗauka cewa allon kai-tsaye yana nufin abin da ke faruwa a wannan daƙiƙa. A aikace, tsakanin ciniki da abin da ido ke gani akwai matakai, kowanne da nasa jinkiri.

Na farko shi ne hannun mutum. Idan yaron shago yana rubuta ciniki a littafi, sai dare akawu ya kwafe a kwamfuta, to allon na jiya ne komai kyawunsa. Ko inda ake amfani da manhajar kanta irin Loyverse, wadda ke rubuta ciniki a lokacin da aka yi shi har tana da manhajar allo ta daban don maigida, cinikin da aka yi babu intanet yana zaune a wayar shago har sai sabis ya dawo. Maigida a gida zai ga reshen Sabon Gari shiru tun hantsi, ya ɗaga waya da faɗa, ashe data ce ta ƙare.

Na biyu shi ne manhajar allon. Ba ta komawa ma'ajiyar bayanai duk daƙiƙa, tana riƙe abin da ta ɗebo na ɗan lokaci. A Looker Studio wannan saiti sunansa `Data freshness`, kuma ga bayanan Google Sheets yana farawa ne a minti 15. A Power BI, mai lasisin Pro yana iya tsara sabuntawa sau 8 a rana, wanda ga shagon da ke buɗe awa 16 ya zama sau ɗaya duk awa biyu. Na uku shi ne shafin da ke buɗe a waya tun safe, wanda zai iya ci gaba da nuna tsohon adadi har sai an sake loda shi.

Saboda haka duk allon da za a dogara da shi yana bukatar abu ɗaya da masu ginawa kan manta: ya nuna a fili lokacin da bayani na ƙarshe ya shiga. Google Forms yana rubuta lokacin kowace shigarwa a ginshiƙin farko mai suna `Timestamp`, don haka wannan ɗan lissafi ya isa:

```
=MAX(A2:A)
```

A sa sakamakon a saman allo da manyan haruffa, a tsara shi ya nuna kwanan wata da awa. Idan da la'asar yana cewa ƙarfe 9:40 na safe, kowa ya san alƙaluman da ke ƙasa sun tsufa. Rahoton imel ma yana bukatar wannan layi, watakila ma fiye da allon.

Ƙananan alƙaluma suna rawa

Akwai wata illa ta yawan leƙa allo da ba ta da alaƙa da na'ura. Ƙaramin kanti da ke samun masu saye 40 a rana, cikin awa 10, yana da kusan mutum 4 ke nan kowace awa. Masana ƙididdiga suna da wata ƙa'ida ta kusan-kusan ga abubuwan da ke zuwa ɗai-ɗai ba tare da shiri ba: adadin yakan yi sama ko ƙasa da kimanin lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin. Ga 4, lambar ita ce 2. Wato awar da aka samu mutum 2 da awar da aka samu 6 duk ba labari ba ne, haka kasuwa take. Amma a kan allo, daga 4 zuwa 2 zai fito da jar kibiya tana cewa ciniki ya faɗi da rabi.

A tara mako guda kuwa, masu saye 280 ne, kuma rawar ba ta wuce kusan 17 sama ko ƙasa ba, wato kashi 6 cikin ɗari. Idan rahoton Litinin ya nuna 220 a maimakon 280, wannan abin bincike ne na gaske: ko wani ya buɗe shago kusa, ko wani kaya ya yanke, ko yaron shago yana rufewa da wuri. Mai kanti da ke duba allo sau ashirin a rana yana ganin faɗuwa da tashi iri-iri da ba su da ma'ana, ya yi ta kiran yaransa yana tuhuma, har ranar da matsalar gaske ta zo ba wanda ya bambanta ta da sauran. Ga sana'ar da cinikinta bai kai ɗaruruwa a rana ba, rahoton mako ya fi faɗin gaskiya, don kawai ya jira alƙaluman sun taru.

Inda minti ke da tsada

Ba kowace sana'a ce gidan burodi ba. A ɗauki mai rumfunan POS guda 8 a warwatse cikin gari, kowace da yaro ko yarinya a zaune. A nan bayani yana shiga da kansa a lokacin da aka yi hulɗa, babu littafi, babu jiran akawu. Kuma akwai abin yi nan take. Idan tsabar kuɗi ta ƙare a rumfa, duk mai son cira zai tsallaka rumfar maƙwabci, kuma wanda ya tsallaka sau biyu ya zama na can.

Abin lura shi ne manhajar kamfanin POS ba ta ganin abin da ke cikin jaka. Abin da take gani shi ne kuɗin da ke asusun na'ura, kuma su biyun suna tafiya ne a saɓanin juna. Duk wanda ya cire naira 20,000, asusu ya ƙaru, jaka ta ragu. Don haka allon da zai yi amfani sai ya yi lissafin da kansa: tsabar da aka fara da ita da safe, a cire abin da aka cira, a ƙara abin da masu turawa suka kawo. Mai rumfuna da ya ga asusun wata rumfa yana kumbura ya san jakarta na ramewa.

A ce kowace rumfa tana farawa da naira 300,000, kuma a ranar da aka biya albashi ana cirar kusan 100,000 a awa. Cikin awa uku jaka ta ƙare. Idan mai kai kuɗi yana bukatar minti 40 kafin ya isa, za a cire kusan naira 67,000 yana hanya. Ke nan dole a tashe shi tun jaka tana da wajen 100,000, a bar ɗan rara saboda cunkoso. Rahoton dare ba zai yi komai a nan ba illa ya ba da labarin asarar da aka riga aka yi. Ko jinkirin minti 15 ɗin nan na Looker Studio ya zama abin lissafi, domin a ranar albashi naira 25,000 ce ke fita cikinsa, sai a ɗaga iyakar zuwa 125,000.

Duk da haka, allo yana aiki ne kawai idan akwai idon da ke kansa. Idan akwai mutum guda a ofis da aikinsa ke nan, ya ga rumfa ta yi ja ya tura babur, to allon ya biya kuɗinsa. Idan kuwa maigida ne da kansa, yana banki, yana tuƙi, yana gidan biki, abin da ya fi dacewa da shi shi ne alat: saƙon da ba ya zuwa sai jaka ta sauka ƙasa da iyaka. Metabase yana da wannan a cikinsa, a ja layi a ce in adadi ya tsallake shi a aiko saƙo. Power BI ma yana da shi. A Google Sheets ana iya yinsa da ɗan rubutun Apps Script. Sana'o'i da dama da ke ganin suna bukatar allo, in aka zauna da su aka bi abin da suke tsoro, abu biyu ko uku ne kawai: kar kaya kaza ya ƙare, kar bashin wane ya wuce kaza. Waɗannan aikin alat ne. Sharaɗinsa kawai kada ya yi yawa, don wayar da ke ƙara sau talatin a rana ba a jimawa ake kashe mata murya.

Yadda kowanne ke lalacewa

Allo yakan mutu ne ta hanyar mantuwa. Makon farko kowa yana buɗewa, wata na biyu sai maigida kaɗai, daga nan sai ranar da baƙo ya zo a nuna masa. Tunda ba wanda ke dubawa, ba wanda zai lura cewa wani ya sauya sunan ginshiƙi a Google Sheets, zane biyu sun daina aiki tun makonni.

Rahoton imel lalacewarsa ta fi ɓoyuwa, domin yana ci gaba da zuwa a kan lokaci ko da abin da ke ciki ya ruɓe. Kuskuren da aka fi yi shi ne na kwanan wata. Wanda ya gina rahoton ya zaɓi takamaiman ranaku lokacin gwaji, ya manta bai mayar da su `Today` ko `Yesterday` ba, sai manhaja ta yi ta aiko da lissafin rana guda kullum. Alamarsa a fili take: jimilla iri ɗaya kwana biyu a jere, har da 'yan canji. Na biyu shi ne agogo. Najeriya da Nijar suna gaban agogon GMT da awa ɗaya, kuma idan an bar takardar lissafi ko jadawalin aikawa a kan lokacin wata ƙasa, cinikin dare zai faɗa cikin gobe, ko rahoto ya tashi kafin masu babur su dawo. Ana gyara na takardar a `File`, sannan `Settings`. A wurin kuma ake duba ƙasar da aka saita, domin takardar da ke bin tsarin Amurka tana karanta 3/4 a matsayin 4 ga Maris, ba 3 ga Afrilu ba. Wanda ke aikawa da Apps Script ya sani kuma cewa jadawalin kullum ba ya tashi a daidai minti, yana tashi ne a wani lokaci cikin awar da aka zaɓa, kamar tsakanin tara da goma. Idan kwaɓi yana farawa goma, sai a matsa da shigar da bayanai gaba.

Akwai cuta guda da ke kama su duka biyun. Idan akawu ya rubuta `45k` ko `N45,000` a maimakon `45000`, takardar tana ɗaukarsa rubutu ne, kuma `SUM` yana tsallake rubutu ba tare da ya ce uffan ba. Jimilla ta ragu da naira 45,000, ba ja, ba gargaɗi, sai a fara zargin mai babur. Idan kuɗin suna ginshiƙin D, wannan yana ƙirga layukan da aka cike amma ba lamba ba ne:

```
=COUNTA(D2:D)-COUNT(D2:D)
```

In ya ba da sifili, lafiya. In ya ba da wani abu, akwai layin da ba a lissafa ba. Ya cancanci wuri a ƙasan kowane rahoto, kusa da lokacin shigarwa ta ƙarshe. Riga-kafinsa shi ne a saita tambayar a Google Forms ta ƙi karɓar komai sai lamba.

A wani fanni kuma rahoton yana da fifikon da allo ba shi da shi: shaida ne. Allo yana nuna abin da ke cikin takarda yanzu. Idan wani ya koma baya ya rage adadin da mai babur ya ɗiba ranar Talatar makon jiya, allon zai nuna sabon adadi kamar tun asali haka yake. PDF ɗin da ya shiga akwatin maigida daren Talatar kuwa yana nan yadda yake, da ranarsa da lokacinsa. Inda ake haɗin gwiwa, ko maigida yana wani gari ɗan'uwa ne ke riƙe da shago, wannan kaɗai ya isa dalilin tsara rahoto ko da akwai allo. Ranar da lissafin wata ya ƙi daidaita, sai a jera takardun a ga ranar da adadi ya sauya.

Sai batun wa ke gani. Allon da aka raba da zaɓin duk mai adireshin zai iya buɗewa yana iya yawo daga waya zuwa waya har ya isa hannun abokin gasa, gara a raba shi da sunan asusun kowane mutum. Rahoton imel kuma yana ci gaba da zuwa wa manajan da ya bar aiki wata shida da suka wuce, in ba a tuna an cire shi ba, kuma abin da ya riga ya shiga akwatinsa ba ya dawowa. Idan akwai sunaye da lambobin wayar masu saye a ciki, abin ya wuce sirrin kasuwa, domin Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023. Mafi sauƙi shi ne kada a sa su a rahoton tun farko.

Wa ke buɗe imel?

Wannan tambaya ce da littattafan koyar da manhaja ba sa yi, amma a kasuwanninmu ita ce kan gaba. 'Yan kasuwa da yawa suna da adireshin Gmail ne kawai don wayar ta bukace shi ranar da aka saye ta, kuma saƙonni dubbai ne a ciki ba a taɓa buɗewa ba. Rahoton da ya faɗa can daidai yake da wanda ba a aiko ba. Inda ake karatu shi ne WhatsApp. Aikawa ta WhatsApp ba tare da hannun mutum ba yana bukatar tsarin kasuwanci na kamfanin Meta, mai kuɗi, da saƙonnin da sai an amince da tsarinsu tukuna, kuma wannan ya yi wa gidan burodi nauyi.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce rahoto ya je wa akawu ta imel, shi kuma ya duba layukan nan biyu na tantancewa, sannan ya tura PDF ɗin zauren WhatsApp na maigida da manaja, tare da alƙaluma uku a rubuce: abin da aka sayar, kwantai, bashi. Hannun mutum ya shigo, gaskiya ne, amma ido ma ya shigo, kuma shi ne zai kama rahoton da ya maimaita na jiya. Don shaidar nan da aka ambata, a sa adireshin maigida ma a cikin masu karɓa ko da ba ya buɗewa, kwafinsa na asali ya riƙa taruwa inda ba mai taɓawa. PDF mai shafi ɗaya kuma yana sauka sau ɗaya ya zauna a waya, ana karanta shi ko babu sabis, yayin da allo ke bukatar intanet duk buɗewa, kuma zanen da aka tsara don faffadar kwamfuta yakan matse a fuskar waya har sai an yi ta ja da yatsa.

A Looker Studio ba sai an gina abu biyu ba. Allon da aka zana shi ne rahoton: a shiga `Share`, a zaɓi `Schedule delivery`, a sa masu karɓa da lokaci da yawan maimaitawa. Abin da za a kiyaye shi ne a bar aƙalla rabin awa tsakanin gama shigar da bayanai da lokacin aikawa, saboda minti 15 ɗin da manhajar ke riƙe tsohon bayani. Allon yana nan a bayan fage ga ranar da rahoto ya nuna abin mamaki, a buɗe a tace mai babur ɗaya a bi kwantansa na wata guda.

Gidan burodin misalin nan zai iya kaiwa inda allo zai yi masa rana. Idan ya buɗe kantuna uku na kansa masu na'urar da ke rubuta ciniki nan take, ya kuma fara gashi na biyu da rana, to an samu sabuwar shawara da ake yankewa wajen azahar, kuma an samu bayanin gaskiya da ke shiga kafin lokacin. A ranar, manajan tanda zai bukaci ganin burodi nawa ya rage a kowane kanti da ƙarfe ɗaya. Lissafin masu babur kuwa zai ci gaba da jiran dare, domin har yanzu sai sun dawo ake sanin kwantai.